Ranar da sitiyari ya yi nauyi: wa ya taɓa gani, kuma me aka gano?

Direban Dare

Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon duk wanda sitiyari ya taɓa yi wa nauyi kwatsam ya faɗa mana yadda abin ya faru da abin da aka gano. Ga tawa matsalar. Motata ba ta da tankin man sitiyari sam, na buɗe bonet na duba. Da rana lafiya lau, da yatsa ɗaya nake juya shi. Amma da dare, fitilu a kunne, iyakwandishan na aiki, idan na zo shiga wuri mai matsi ina gaba ina baya, sai alama mai siffar sitiyari ta kunnu a dashbod, sitiyarin ya ƙage sai na sa hannu biyu. In na kashe motar na sake tayarwa sai ya saki. An ce mini rak ne, in canza shi gaba ɗaya. Ban yarda ba tukuna.

Maman 'Yan Biyu

Wa alaikumus salam. Ni tawa mai man sitiyari ce, kuma ba kwatsam ta yi ba, ta daɗe tana gargaɗi. Da farko kuka take yi da safe idan na juya, wani irin gurnani mai tashi da sauka tare da totur. Aka duba tanki, man ya sauka, kuma ya yi kumfa. Aka ƙara, kukan ya tafi. Bayan ɗan lokaci ya dawo, man ya sake sauka, alhali ko ɗigo babu a inda nake ajiye motar. Sai da makaniki ya shiga ƙarƙashi ya kwance robar nan mai lanƙwasa da ke ƙarshen rak, mai ya zubo daga cikinta. Ashe sil ɗin cikin rak ne ya mutu, man yana taruwa a cikin robar. Ya ce mini cikin robar nan bai kamata a ga komai ba sai ɗan giris.

Mai Tasi

Malam Direban Dare, wanda ya ce maka rak ne bai san motocin zamani ba. Sitiyari na lantarki ba shi da rak ɗin nan. Waya ce kawai daga sitiyari zuwa kwamfuta, ita ke juya tayoyi. Shi ya sa nake tsoronsu, wuta na ɗaukewa shi ke nan. Ka kai wa masu rewaya, aikinsu ne.

Tsohon Makaniki

Mai Tasi, shawararka ta ƙarshe daidai ce, amma rak yana nan daram. Da waya ce kawai, da Direban Dare bai iya juya motar da hannu biyu ba. Akwai ƴan motoci ƙalilan da aka cire musu sandar gaba ɗaya, amma ba su ne a hannun jama'a ba.

Bari in faɗi abin da hannuna ya sani. Sandar sitiyari tana saukowa har ƙasa, a ƙarshenta akwai ƙaramin giya mai haƙora, shi muke kira finiyan. Haƙoransa sun shiga cikin na wani dogon ƙarfe da ke kwance a gicciye tsakanin tayoyin gaba, wato rak. Kana juya sitiyari, finiyan na juyawa, rak na zamewa hagu ko dama. A kowane ƙarshen rak akwai tayarod, shi ke tura ko ya janyo hannun da taya ke ɗaure a kai. Iyakar aikin ke nan. A ƙananan motoci da yawa sai ka juya sitiyari wajen digiri 16 kafin taya ta karkata digiri 1. Juyi uku daga ƙarshe zuwa ƙarshe digiri 1080 ne, ka raba da 16 ka sami wajen 67, wato kusan 34 kowane ɓangare. Wannan ragin shi ke ninka ƙarfin hannunka, shi ya sa ko taimako ya ɗauke motar tana juyuwa, da wahala dai, musamman a tsaye.

Abin da yawancin direbobi ba su sani ba, tsakanin sandar da finiyan akwai wani siririn ƙarfe da aka yi shi don ya ɗan murɗe. Idan ka juya sitiyari taya ta yi gardama, saman ƙarfen ya riga ƙasansa tafiya da ɗan kaɗan. Wannan murɗewar ita ce ma'aunin ƙarfin da ka sa. Mai mai da mai lantarki duk da ita suke aiki. Bambancin shi ne wanda ke amsawa.

A irin motar Hajiya Maman 'Yan Biyu, murɗewar tana buɗe hanyoyi a cikin bawul da ke kewaye da ƙarfen. Famfo, wanda bel ke juyawa daga inji, yana tura mai kullum. In kana tafiya miƙe, man ya zagaya ya koma tanki ba tare da ya yi aiki ba. Da ka murɗa, bawul ya tura shi gefe ɗaya na fistan da ke jikin rak ɗin kansa, ya bar na ɗaya gefen ya koma tanki. Matsin yana iya kaiwa bar 80 zuwa 100 a ma'aunin matsi idan ka kai sitiyari ƙarshe. Shi ya sa sil ɗaya in ya gaji mai ke samun hanya. Kukan da kika ji kuwa, Hajiya, famfo ne yake zuƙar iska saboda man ya yi ƙasa, iskar ce ta zama kumfa.

Saurayin Hanya

Ni ma ina da matsalar sitiyari. Da na kai gudun kilomita 90 zuwa 110 sai ya riƙa rawa a hannuna, in na wuce ko na rage sai ya lafa. Famfon ne?

Mai Tasi

Ɗan'uwa wannan ba nauyi ba ne, rawa ce. Ka je a yi wa tayoyin gaba balansin, a duba ko rim ya lanƙwashe. Famfo ba ruwansa.

Ɗan Rewaya

Baba Makaniki ya share mini hanya, bari in ɗora. A mai lantarki, sensa ce ke karanta murɗewar siririn ƙarfen, ta aika wa birenbos ɗin sitiyari. Shi kuma ya haɗa da gudun mota, ya yanke yawan wutar da zai ba wani moto da ke taya ka juyawa. A ƙananan motoci moton yana jikin sandar sitiyari, ƙarƙashin dashbod. A manya yana ƙasa, jikin finiyan ko rak. A tsaye yana ba da taimako sosai, a kan gudu ya rage don sitiyari ya yi ɗan nauyi a hannu. Kana tafiya miƙe kusan ba ya cin komai, saɓanin famfo da inji ke ja ko ana bukatarsa ko ba a bukata. Ribar man fetur ɗin daga nan take.

To amma a lokacin fakin, moton nan yana iya jan amfiya 50, wani har 80. Ka lissafa: inji yana silo, altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta, fitilu da fankar iyakwandishan da ta lagireto duk suna ci. In wuta ta faɗi ƙasa da abin da birenbos ya yarda da shi, sai ya rage taimako ko ya janye, ya kunna alama. Sake tayarwa na share masa, shi ya sa ya saki.

Kafin a taɓa rak, a sa mita a kan batir. Mota a kashe, ta huta, lafiyayyen batir yana nuna wajen volt 12.6. Inji na aiki, a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Sai a kunna komai, wani ya juya sitiyari, kai kana kallon mita. A duba kan batir ko ya yi gishiri, da wayar as da ke haɗa batir da bodi, da babban fiyus na sitiyari. Sannan a sa na'ura a karanta lambar matsala kafin a goge ta.

Wani abu kuma mai kama da wannan: in aka yi ta juyawa ƙarshe zuwa ƙarshe a tsaye, moton ya yi zafi, birenbos yana rage taimako da gangan har ya huce. Wannan ba lalacewa ba ce. Na sha ganinsa a motocin koyon tuƙi.

Direban Dare

Allah ya saka da alheri. An gwada yadda ka ce. A kashe 12.4. A kunne ba kaya 13.9, har mai gwajin ya ce ai lafiya. Na ce a kunna fitilu da iyakwandishan, ta sauko 12.8. Ina juya sitiyari ta faɗi ƙasa da 11, alamar ta kunnu a gabanmu. Na'ura ta nuna ƙarancin wuta. An buɗe altaneta, burushinta sun cinye, kuma wayar as ta saki a jikin bodi. An gyara duka biyun, yanzu da komai a kunne ba ta sauka ƙasa da 13.5. Rak ko taɓa shi ba a yi ba.

Mai Doguwar Tafiya

Tawa ta fi ban tsoro. Mota mai mai, ina gangara a kan kwana, inji ya mutu. Nan take sitiyari ya zama kamar an zuba masa siminti, domin famfon ya tsaya tare da injin. Na riƙe da hannu biyu na ja da ƙarfi, ta juya, tun da tana tafiya nauyin bai kai na tsaye ba. Birki ma ya ba ni taku ɗaya mai laushi sannan ya yi tauri. Duk da haka har gobe na fi son mai mai. Ina jin hanya a tafin hannuna, na san lokacin da taya ta fara zamewa. Na lantarkin da na tuƙa sai in ji kamar ba a haɗe yake da komai ba.

Ɗan Rewaya

Na farkon fitowa haka suke, musamman masu moto a jikin sanda, domin ta cikin giyar moton saƙon hanya ke bi kafin ya iso hannunka. Tun 1988 aka fara sa shi a Suzuki Cervo, an yi nisa tun daga lokacin. Sababbi masu moto a jikin rak sun gyaru ƙwarai. Kuma da yawansu ko inji ya mutu kana cikin tafiya, taimako yana ci gaba daga batir muddin makulli na kunne.

Mai Doguwar Tafiya

Na tuƙa sababbin ma, Malam. Sun gyaru, amma ba su kai ba a wajena.

Malama Mai Jar Mota

Ni tawa ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Akwai tankin mai, amma babu bel da ke zuwa famfo, an ce mini famfon na lantarki ne. Mai cike yake, ba kumfa, ba kuka, ba alama a dashbod. Nauyin kuma ba ko'ina ba ne. Ina juyawa sai ya yi tauri, ya saki, ya sake tauri, a wurare iri ɗaya kullum. Bayan kwana ma ba ya komowa tsakiya da kansa sai na mayar da shi. Ya fi tsanani bayan ruwan sama.

Tsohon Makaniki

Malama, taki haɗin gambiza ce, famfo na lantarki, rak na mai. Amma ban zargi famfon ba. Matsalar famfo nauyi take kawowa bai ɗaya. Tauri da saki a wuri iri ɗaya ya fi kama da kuros ɗin da ke haɗa sandar sitiyari da finiyan, wanda ke ƙasa inda ruwa ke fantsama, ya yi tsatsa ya ƙage. A ɗaga gaban motar a kan jak, inji a kashe, a juya a hankali. In taurin na nan, a cire kuros ɗin a lanƙwasa shi da hannu ta kowane ɓangare. Kada a tsaya ga fesa masa mai, sauƙin na ɗan lokaci ne.

Ɗan Rewaya

Baba, ni kuma rashin komowa tsakiyar ne ya tsaya mini. Na taɓa ganin rak da aka ɗaure notin da ke danna shi jikin finiyan fiye da kima don a kashe ƙara, ya riƙa yin haka. Malama, an taɓa yi miki aiki a rak ɗin kwanan nan?

Malama Mai Jar Mota

An canza tayarod na ciki, amma ban sani ba ko sun taɓa notin. Zan tambaya, kuma zan sa a yi gwajin jak ɗin a gabana.