Kwikwiyo mai kukan dare: a ƙyale shi ko a je wurinsa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na karɓo kwikwiyo ɗan mako 8, kuma tun daren farko yake kuka da zarar na rufe shi na kashe fitila. An ce kada in leƙa shi ko kaɗan, domin idan na je zai shagwaɓe. Shin gaskiya ne, ko cutar da shi nake yi?

Mai kiwon karnukan gadi: Wa alaikumus salam. Wanda ya ba ka shawarar nan bai yi kuskure ba, ɗan'uwa. Kare yana koyon abin da yake biya masa buƙata, saboda haka idan ya yi kuka ka zo, ka nuna masa cewa kuka ne yake buɗe ƙofa, kuma gobe zai ƙara ƙarfin muryarsa. Ka ba shi abinci, ka yi masa shimfiɗa, ka tafi ka kwanta. Kafin mako ya zagayo zai yi shiru da kansa.

Likitar dabbobi: Malam, ina girmama gogewarka, amma ban yarda da wannan hukunci a kan ɗan mako 8 a kwanakinsa na farko ba. Tun da aka haife shi bai taɓa kwana shi kaɗai ba. A cikin 'yan'uwansa yake barci, jiki a jikin juna, yana jin ɗuminsu da ƙamshin uwarsa, sai rana ɗaya aka ɗauke shi zuwa inda bai san warin komai ba. Kukan da yake yi shi ne wanda kwikwiyo ke yi idan ya rabu da sauran domin uwar ta nemo shi, kuma tsoro ne yake jawo shi, ba wayo ba. Sannan akwai mafitsara. Ƙiyasin da masu horar da karnuka suke amfani da shi shi ne a ɗauki watannin kwikwiyo a ƙara ɗaya, wannan ne iyakar awannin da zai iya riƙe fitsari. Ɗan wata 2 ke nan ba zai wuce kimanin awa 3 ba, ko da yake wasu kan ɗan zarce haka idan barci ya yi nauyi. Wanda ya rufe shi daga goma na dare zuwa shida na safe ya nemi abin da jikinsa ba zai iya ba, kuma ƙarshenta zai ɓata shimfiɗarsa, abin da ke dagula koyon tsafta daga baya.

Wata 'yar'uwa: Namu ma haka yake yi, haushi har gari ya waye, musamman idan wani ya gifta ta bakin ƙofa. Da muka mayar da shi bayan gida inda ba ya ganin masu wucewa sai ya rage. Ka gwada sauya masa wuri.

Likitar dabbobi: Hajiya, naku babban kare ne mai haushi a kan motsin da yake ji, wannan kuwa jariri ne mai kukan kaɗaici, kuma nisanta shi zai ƙara tsananta abin. Ga yadda zan tsara wa mai tambaya darensa. Kwikwiyo na wannan shekaru yana cin abinci sau 3 zuwa 4 a rana, to a ba shi na ƙarshe wajen ƙarfe bakwai idan za a kwanta goma, domin ya samu lokacin yin kashi kafin barci. Da misalin ƙarfe takwas a yi wasa da shi har ya ɗan gaji, sannan a bar sa'ar ƙarshe ta zama ta natsuwa. Daf da kwanciya a kai shi wurin da aka ware masa ya yi fitsari, a sa shi a keji ko kwali mai tsayin baki wanda zai iya tsayuwa ya juya a ciki, a ajiye kusa da gado inda zai ji numfashin mutum. A saka masa tsumman da ya ɗauki ƙamshin uwarsa idan an samu, da kwalbar ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, a naɗe cikin tawul.

Abu mafi muhimmanci shi ne ka riga shi tashi. Ka saita agogo ƙarfe ɗaya da kuma ƙarfe huɗu, ka ɗauke shi tun bai fara kuka ba, ka kai shi wurin fitsari ba tare da wasa ko surutu ko kunna fitila mai haske ba, ka jira 'yan mintuna, ka mayar da shi. Bayan kowane dare biyu ko uku ka jinkirta agogon da kimanin minti 15, har tashi biyun su koma ɗaya. Idan ya yi ƙaramin kuka bayan ka mayar da shi, ka miƙa hannu kusa da kejin ka yi masa magana a hankali, amma kada ka fito da shi.

Mai kiwon karnukan gadi: To ai kin dawo kan maganata, Likita, tun da kin ce kada a fito da shi.

Likitar dabbobi: A nan kam kana da gaskiya, kuma ba zan tauye maka ita ba. Mafi munin abin da mai kare zai yi shi ne ya daure minti ashirin, sannan ya gaji ya fito da shi ya rungume shi ya ba shi abin ci, domin ya koya masa ke nan cewa doguwar naciya ce take biya. Inda muka rabu shi ne ni ina so a biya buƙatar tun kafin kukan ya zo, kai kuma kana so a bar buƙatar a wurinta har ya fid da rai. Akwai kuma haɗarin da nake tsoro: mai toshe kunne ba zai gane ranar da kukan ya zama na ciwo ba. Kukan kaɗaici yana lafawa idan mutum ya matso. Wanda bai lafa ba ko an ɗauke shi, ga kuma amai ko zawo, ko ƙin abinci, ko kumburin ciki, ko dasashi ya yi fari, wannan na likita ne ba tare da jinkiri ba. Zawo mai jini tare da amai da kasala a kwikwiyon da bai kammala riga-kafi ba na iya zama cutar farbo, wadda take kashewa cikin 'yan kwanaki. A tambayi wanda ya ba da shi ko an yi masa allurar farko, wadda ake farawa tsakanin mako 6 zuwa 8, da kuma ranar da aka ba shi maganin tsutsar ciki.

Mai tambaya: Na gode, Likita. Nawa yana ci sosai kuma yana yin shiru da zarar na tsaya a kansa, don haka na fahimci kaɗaici ne. Sai dai ba zan iya kwana da kare a ɗakina ba, kuma shi ma ba a cikin gida zai zauna ba idan ya girma.

Likitar dabbobi: Ba dole sai cikin ɗaki ba. Ka ajiye kejin a bakin ƙofa ko ƙarƙashin taga inda zai ji muryarka, a wurin da iska da sanyi ba sa bugunsa, sannan ka riƙa matsar da shi kaɗan kaɗan zuwa mazauninsa na dindindin. Da rana kuma ka riƙa barinsa a kejin na 'yan mintuna yana tauna wani abu, domin kada ya san kejin da dare kawai.

Mai kiwon karnukan gadi: Tashin dare domin fitsari na karɓa, domin na sha ganin shimfiɗa a jiƙe da safe. Amma matsar da keji mataki mataki ban gamsu da shi ba, saboda a ganina kowane sabon wuri sabon kuka ne, kuma gara ya kwana tun daren farko a inda zai zauna, kai ka riƙa zuwa wurinsa a kan agogo.

Likitar dabbobi: Wannan ma yana yiwuwa ga kwikwiyo mai sauƙin hali, Malam, muddin wurin yana da ɗumi kuma mai shi yana jin muryarsa daga inda yake kwance. Ga wanda yake kuka har ya shaƙe yana cizon ƙarfen keji, ni dai kusa zan fara ajiye shi.