Babi na biyu ya zama jerin gwano, yaya zan haɗa shi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin ilimi, kundina a kan koyarwa da Hausa ne a ajin firamare na ɗaya zuwa na uku. Mai duba aikina ya dawo mini da babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, ya rubuta a gefe wai jera ayyukan mutane kawai na yi, ban haɗa su ba. Kowane sakin layi nawa da sunan marubuci da shekara yake farawa. Don Allah yaya ake wannan haɗawar?

Ɗan Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Hajiya, sauya kalmomin kawai da naki, kada ki kwafa kai tsaye. Ni da na yi haka makin Turnitin, manhajar gano kwafe, ya sauko ƙasa sosai, aka sa mini hannu.

Malam Na-Zariya: Ɗan Tudun Wada, ba a zarge ta da satar fasaha ba. Mutum zai iya rubuta kowace jimla da kalmominsa, babin kuma ya fito jeri.

Malama, ajiye babin tukuna, ki zana jadawali, a takarda ko a Excel. Kowane aiki layi ɗaya. A sama ki yi gidaje: ina aka yi binciken, da su wa, me marubucin yake nufi da "koyarwa da harshen uwa", me ya auna, me ya samu, ina rauninsa. Idan kin cike, daina karanta shi layi-layi. Ki ɗauki gida ɗaya ki bi shi daga sama har ƙasa. Karatun layi shi ke haifar da "wane ya ce, wance ta ce". Karatun gida shi zai nuna miki inda suka haɗu da inda suka rabu.

Bari mu gwada da ayyukan da na tabbata suna cikin babinki. Akwai gwajin Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara darussa da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma yana matsayin darasi. Akwai manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, wadda ta ce a fara firamare da harshen uwa ko harshen yankin, daga baya a koma Turanci, abin da aka saba ɗauka a matsayin shekara uku na farko. Akwai makarantun gwaji na Nijar da suka fara a Damagaram a 1973, Hausa da Faransanci. Sai shirin RARA a Bauchi da Sakkwato wajen 2014 zuwa 2015, wanda ya mai da hankali kan koyon karatun Hausa a aji biyu.

To bi gidan nan na uku. A Ife harshen uwa shi ne harshen koyar da lissafi da kimiyya da sauransu, shekara shida cur. A manufar 1977 gada ce ta ɗan lokaci zuwa Turanci, kuma takardar umarni ce, ba bincike ba, don haka ba ta da "sakamako" da za ki jera kusa da na Ife. A RARA darasin karatu ne ake gyarawa, ba harshen koyar da dukkan darussa ba. Suna ɗaya, abu uku. Ga sakin layinki na farko nan ya fito, kuma kansa ba sunan kowa ba ne:

"Ayyukan da ake kafa hujja da su kan koyarwa da harshen uwa ba abu ɗaya suke aunawa ba. Gwajin Ife ya duba harshen uwa a matsayin harshen koyarwa na tsawon firamare, shirin RARA kuwa ya duba koyon karatu da Hausa a aji guda. Saboda haka nasarar ɗaya ba ta zama hujja kai tsaye ga tsarin shekara uku da aka saba ɗauka daga manufar 1977 ba."

Duba, jimlar farko da ta ƙarshe naki ne, babu littafin da za ki same su a ciki. Masana suna tsakiya a matsayin shaidu.

Anti Zee: Ni dai abin da ya fisshe ni shi ne ƙananan kanun magana. Na raba babin gida huɗu, na zuba marubuta a ƙarƙashin kowane, na riƙa sa "haka kuma" da "sai dai" da "a ɗaya ɓangaren" tsakaninsu. Shi ke nan aka karɓa.

Malam Na-Zariya: Anti, kanun magana mataki ne mai kyau, amma sau da yawa jeri ɗaya dogo ne yake komawa jeri huɗu gajeru. Kuma "sai dai" alkawari ce: duk inda kika sa ta, dole a ga saɓani na gaske, a kuma ga dalilinsa. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Ɗauki sakin layi biyu ki musanya musu wuri. Idan babu abin da ya lalace, ba su haɗu ba tun farko.

Dalilin saɓani shi ne wurin da ɗalibai suka fi tsallakewa. Rahoton Ife ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci ba su koma baya a Turanci ba. Amma ajin gwajin na asali yana da ƙwararren malamin Turanci na musamman, ga littattafai da aka shirya domin aikin. RARA ma ya zo da jagoran malami da littattafan ɗalibai da horo da masu bibiya. To a ce, Malama, cikin jadawalinki akwai wani kundi da ya shiga makarantun gwamnati na yau da kullum bai ga wani bambanci ba. Kada ki rubuta cewa ya ƙaryata Fafunwa. Ki tambaya: harshen ne ya kawo sakamakon, ko kayan aiki da horon da suka raka shi? Waɗannan ayyukan ba su raba biyun sarai ba. Idan bincikenki a azuzuwan da ba su da wani tallafi za ki yi shi, giɓinki ke nan, wato abin da ba a riga an bincika ba, kuma daga cikin bitar ya fito. Ya fi ƙarfin giɓin nan da ake yawan rubutawa, wai "ba a taɓa yin irin wannan bincike a ƙaramar hukumarmu ba". Ranar kare kundi ana iya ce miki, to sai me?

Abu Hafsat: Malam, da girmamawa, a sashenmu ba za ta yiwu haka ba. Tsarin da aka ba mu ya ce a ɓangaren binciken da aka gudanar a kawo kowane aiki shi kaɗai: manufa, hanya, yawan mutane, sakamako, sannan alaƙarsa da naka. Wani abokina ya haɗa su yadda kake faɗa, mai jarrabawa na waje ya ce a warware.

Malam Na-Zariya: Gaskiya ne, akwai sassan da suke haka, kuma ba na ba ɗalibi shawarar ya yi jayayya da tsarin sashensa. Ko a nan, kai ke zaɓar wane aiki zai bi wane. Ka jera su bisa abin da suka auna, ba bisa shekara ba, ka rufe kowane rukuni da sakin layi ɗaya mai kwatanta su.

Abu Hafsat: Mu dai bisa shekara aka ce, daga sabo zuwa tsoho.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fara jadawalin, har na ga yawancin kundayen da na tara ra'ayin malamai suka tambaya da takardar tambayoyi, ba su gwada karatun yara ba. In ware su rukuni guda? Sannan na Nijar ɗin, tunda Faransanci ne ba Turanci ba, in bar shi ko in cire?

Malam Na-Zariya: Ware su, ki faɗa ƙarara cewa ra'ayin malami suka auna, ba iyawar yaro ba, don kada a ɗauke su hujja kan abin da ba su gwada ba. Na Nijar ni zan bar shi, domin Hausa ce harshen farawa a can, wanda Ife ba ta ba ki ba. Amma ki nuna wa malaminki jadawalin kafin ki sake rubuta ko layi ɗaya, ki ji ra'ayinsa a kai.