Sai an nemi izinin Malam kafin a yanka karatunsa?

Auwalu: Assalamu alaikum. Ina da tsohon tafsirin azumi na wani babban malami tun zamanin kaset, ina so in yayyanka shi minti biyu-biyu in ɗora a YouTube. Na fara rubuta masa imel na neman izini, abokina ya ce wa'azi na Allah ne, ba shi da mai shi.

Nura: Gaskiyar abokinka. Annabi (SAW) ya ce a isar daga gare shi ko da aya ɗaya ce. Wane malami ne zai hana a yaɗa karatunsa?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Nura, isarwa daban, yankewa daban. Sau da yawa malami yakan kawo hujjar waɗanda yake saɓa wa, ya shimfiɗa ta tsaf na minti uku, sannan ya warware ta. In almakashinka ya tsaya kafin warwarar, ka sa masa maganar da ya zauna domin ya rushe. Kuma karatun ya tsufa. Imamu Shafi'i kansa yana da tsohon ƙauli na Iraƙi da sabo na Masar. Wataƙila akwai fatawar da Malam ya janye, kai ba ka ji ba, shi kuwa ya sani.

Nura: To a yanka da amana, shi ke nan. Ina ruwan izini?

Maman Ilham: Ni dai na taɓa tura wa wani malami tambayar gado ta imel, har yau shiru. Gara ka bi ta hannun ɗalibansa.

Malam Habibu: Nan kam kin faɗi gaskiya, Hajiya. Amma a samu amsar a rubuce. Auwalu, kada ka ce "a ba ni izinin karatuttukan Malam" a dunƙule. Bayan sallama ka faɗi ko kai wane ne, wane tafsiri, na wace shekara, daga minti kaza zuwa kaza, da inda za ka ɗora. Ka haɗa da guda biyu da ka riga ka yanka su saurara. Ka faɗi ko za ka kunna talla, da inda kuɗin zai tafi, ka kuma yi alkawarin sauke duk wanda suka ce a sauke.

Sadiya: Ku tambaya kuma wa ya ɗauki karatun. In gidan rediyo ne ko wata cibiya, suna iya kai ƙorafi ko da Malam ya yarda. Ƙorafin haƙƙin mallaka uku suka taru maka, YouTube na iya rufe tashar gaba ɗaya.

Nura: Wannan dokar kamfani ce, ba shari'a ba.

Malam Habibu: Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce haƙƙin mawallafi abin kiyayewa ne a shari'a.

Nura: Littafi suke nufi. Wa'azin masallaci fa, da aka yi a bainar jama'a?

Auwalu: In na tura kuma aka yi wata biyu ba amsa?

Sadiya: Shiru ba izini ba ne. Ka je majalisinsa da wasiƙar a hannu.