Firesin gudu ne ko lissafi? Gardama kan ƙwallon Benzema da PSG

Ɗan Madrid: Ni fa wannan zancen na cewa akwai wata alama da ƙungiya ke jira kafin ta matsa, surutun masu sharhi ne kawai. Firesin, wato matsa wa abokan hamayya don a ƙwace ƙwallo, gudu ne da zuciya. In kana da huhu ka bi mai ƙwallo, shi ke nan.

Koci: Ɗan Madrid, tunda naku ka fi sani bari mu ɗauki naku. Maris 2022, PSG a Bernabeu. Mbappe ya ci a Paris ya sake ci a Madrid, ana binku biyu a jimilla. Wajen minti na 60 aka mayar wa Donnarumma ƙwallo baya, Benzema ya taso masa. Ka tambayi kanka me ya sa a wannan ƙwallon ya tashi da dukkan ƙarfinsa, alhali a wasu lokutan 'yan bayan PSG suna ta yawo da ita a tsakaninsu yana bin su a hankali. Fasin baya zuwa gola yana cikin manyan alamomi. Ƙwallo tana tafiya, ba ta ƙafar kowa, to wannan ɗan lokacin kyauta ne gare ka ka cinye tazara. Kuma tun 1992 doka ta hana gola ya kama da hannu in nasa ne ya bugo masa da ƙafa da gangan, dole ya yi wasa da ƙafa, a wurin da kuskure ɗaya ƙwallo ce a raga.

Ɗan Madrid: To ai ka faɗa da bakinka, Benzema ne ya yi gudu. Zuciya ke nan.

Koci: Wa ya tsinci ƙwallon da Donnarumma ya watsar? Vinicius ne, a cikin da'ira, shi ya mayar wa Benzema ya zura. Da Vinicius yana can tsakiyar fili yana kallo, ɗan bayan PSG ne zai ɗauka a natse su fita abinsu, Benzema ya ƙona numfashi a banza. Na farko ba lallai ya ƙwace ba, aikinsa ya sa a yi mummunan fasin. Na biyu da na uku su ke cin riba, kuma ba za su iso kan lokaci ba sai in abin da na farko ya gani su ma shi suka gani, suka tashi tare.

Shamsu: Wallahi fawul ne wannan, ture Donnarumma ya yi, rafali ya kau da kai saboda gidan Madrid ne. Har gobe ban yarda ba.

Usy: Shamsu ba zancen rafali ake ba don Allah. Ni ina tare da Koci amma ba duka ba. Ku tuna Robertson da Man City a Anfield, Janairu 2018, wasan da aka tashi 4-3. Mutumin nan ɗan baya ne na hagu amma ya bi ƙwallo daga wannan zuwa wancan har kan Ederson, ya wuce har ɗaya ɓangaren, filin gaba ɗaya ya ɗauki ihu. Wace alama ya jira? Ba wani lissafi, jini ne ya hau.

Koci: Usy sake kallo. City baya suke ta yi da ƙwallon, kowane fasin baya sabon izini ne ya ci gaba, shi ya sa bai tsaya ba. Amma gaskiyarka a rabi, ɗan baya ya bar gidansa haka ba abin koyarwa ba ne, in aka samu wanda ya juya ya cilla ta gefen da ya bari an shiga uku. Abin da Liverpool ɗin Klopp suka fi yi kullum ya fi wannan natsuwa. Firmino ba ya ruga wa ɗan baya kai tsaye, yana tsayawa ne yadda lamba 6 na abokan hamayya zai kasance a bayansa, inuwarsa ta rufe shi. Mane da Salah kuma sukan lanƙwaso gudunsu daga waje, su toshe hanyar zuwa gefe, sai ɗan baya ya ga kamar tsakiya ce a buɗe ya tura can. Wanda zai karɓa ya ba raga baya, bai san me ke bayansa ba, kafin ya juya su Henderson da Wijnaldum sun hau shi. Wato ba jiran kuskure kawai suke ba, su ne ke zaɓa maka inda za ka yi shi.

Malam Bala: Ni da nake riƙe da yara 'yan ƙasa da 17 a unguwarmu na gwada abin nan, na sha wuya. Na ce musu duk wanda ya ga an yi mummunan tarba, ƙwallo ta yi tsalle daga ƙafa, a tashi. To filinmu rairayi ne da tsakuwa, kowace tarba mummuna ce, sai ya zama yaran gudu suke tun daga busa, ga ranar la'asar, minti 25 harshe ya fito. Abin da ya fi ba ni ciwo, 'yan gaba uku sun tafi, 'yan baya huɗu sun maƙale a bakin da'irarmu don tsoron doguwar ƙwallo, tsakiya ta zama filin Idi. Uku aka zura mana kafin hutu. Daga baya na rage alamar ta koma ɗaya tak, in ƙwallo ta je wa lamba 2 ko lamba 3 nasu a bakin layi. A nan rabin hanyoyinsa layi ya riga ya rufe. Kuma na ce ba mai tashi sai lamba 6 namu ya yi ihu, don shi ke ganin ko na baya sun matso.

Koci: Malam Bala ka taɓo inda ake gane firesin ya lalace. Kar a kalli mai gudu, a kalli 'yan baya. In na gaba ya tashi su ba su tako ba, an tsinke. Sai dai ni ban cika son a jira ihu ba, kafin murya ta iso ƙwallo ta sauka an gyara ta. Na fi son lamba 9 ya yanke, saura su karanta gudunsa.

Malam Bala: Ranka ya daɗe lamba 9 gabansa kawai yake gani. Yarona na gaba in ka bar masa hukunci har gola zai bi shi kaɗai sau goma.

Usy: Tambaya, in kowa ya san alamomin nan ba sai a yi maka tarko da su ba? Brighton a zamanin De Zerbi haka suke yi, Dunk ya ɗora tafin ƙafa kan ƙwallo ya tsaya cak yana jiran ka taso, kana tasowa an ba na tsakiya ya taɓa sau ɗaya ga na uku, an wuce mutum huɗu.

Koci: Sosai. Shi ya sa tsayuwar ɗan baya da ƙwallo ba alama ba ce, kansa a sama yake, jikinsa na kallon fili, duk hanyoyi a buɗe. Wannan ka bar shi ya yi ta tsayuwa, ka rufe na tsakiya. Amma fa in ana binka ɗaya saura minti 10 ba ka da wannan haƙurin, dole ka fita ko da ka san tarko ne.

Ɗan Madrid: Na ji na Vinicius, ban musa ba. Amma ƙwallo biyu da suka biyo baya a daren nan fa? Ta uku ana take ƙwallo daga tsakiya aka ƙwace, PSG ƙafafunsu rawa suke, Bernabeu ta rikice. Wannan wace alama ce a allon koci?

Malam Bala: Tsoro a fuskar ɗan baya ai ana ganinsa, ko yarana suna ganewa. Yadda zan koyar da shi a atisaye ne ban samo ba.

Shamsu: Ku dai ku sake kallon hannun Benzema a kafaɗar golan nan.