Wa ya taɓa haɗa jadawalin kalmomi kafin fassarar littafin inji? Ku ba mu labari

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. An kawo mana aikin littafin kula da injin ban ruwa mai amfani da dizal, shafi 260, daga Turanci zuwa Hausa, mu uku ne za mu raba kuma sati shida aka ba mu. Babban cikinmu ya kafe wai sai mun zauna mun haɗa jadawalin kalmomi tukunna, ni kuma gani nake sati guda zai tafi a banza alhali kowannenmu ya iya Hausarsa. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah yaya kuka yi, kuma kalma nawa ta ishe ku?

Bakatsiniya: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka bi maganar babbanku wlh, ni na riga ka shan wannan wuyar. Littafin janareta ne namu, mu biyu, muka ce ai ba komai kowa ya ɗau rabinsa. Sai da muka gama muka haɗa sannan muka ga `oil` da `fuel` da `grease` duk mun mai da su "mai". Akwai jimla guda da har yau ina tunawa, asalinta tana cewa kada a bari man da injin ke sha ya haɗu da man da ke cikin injin, a tamu Hausar sai ta fito "kada a bari mai ya haɗu da mai". To wa zai gane wannan? Ni da na rubuta ma sai da na koma Turancin. Abokiyar aikina kuma `oil filter` ta sa masa "matatar mai", kowa ya ji matatar mai ai ta Kaduna zai tuna ko ta Fatakwal, ba wani ɗan gwangwani da ake kwancewa a gefen inji ba. Gyaran ya ci mana kwana tara, don ba a iya cewa kwamfuta ta canza duka lokaci ɗaya, kowane "mai" sai ka duba wanne ne a cikin ukun.

Ɗan Sabon Gari: Ni dai ban ga abin wahala ba, a ɗauko ƙamus a kwafe kalmomin a raba wa kowa, awa biyu an gama.

Tsohon hannu: Ƙamus yana da amfani malam, amma zai ba ka ma'ana uku ko huɗu ne ya bar ka da zaɓi, kuma zaɓin shi ne aikin. Bari in faɗi yadda nake yi, na yi wa littattafan tarakta da na famfo haka.

Farko ina mai da littafin rubutu zalla in zuba shi a manhajar AntConc, kyauta ce, ta ƙirgo min kalmomin da kuma waɗanda ke tafiya bibbiyu ko uku-uku. Waɗannan masu tafiya taren su ne naman, domin `plug` shi kaɗai ba ya gaya maka komai, sai ka ga `drain plug` sannan ka san noti ne da ake kwancewa a ƙasan inji a juye baƙin mai. Na taɓa ganin wanda ya rubuta masa "fulogi", a littafin injin dizal kuwa, wanda ba shi da fulogin tartsatsi sam. A littafi mai girman naku, idan na ɗauki duk abin da ya fito sau biyar ko fiye, nakan tashi da wajen 600, in zauna in zubar da shara ya rage 250 zuwa 300. Bayan haka sai in bi hotunan da aka lissafa sassan inji da jadawalin sabis da ido, saboda akwai kalmar da sau biyu kacal za ta fito amma idan aka kuskure ta inji ya tafi.

Na biyu, layi ɗaya abu ɗaya. Ba kalma ake bi ba, abin da kalmar ke nuni gare shi ake bi. Idan littafin ya kira abu guda da suna biyu, a Hausa suna ɗaya za mu ba shi, idan kuma kalma ɗaya tana nufin abu biyu to layi biyu ke nan. Ga yadda na raba rigimar man da Hajiya ta faɗa, gida uku ne, Turanci, Hausa, sai bayani:

```
engine oil	baƙin mai	kada a rubuta "mai" shi kaɗai
fuel	dizal	ba "gas" ba
grease	giris
oil filter	filtar baƙin mai	ba "matatar mai" ba
fuel filter	filtar dizal
drain plug	notin juye baƙin mai	ba "fulogi" ba
```

Gida na ukun nan ya fi komai amfani a wurina, wato rubuta abin da aka hana. In ba ka rubuta ba, bayan sati uku wani zai ga kamar tasa kalmar ta fi daɗi ya dawo da ita, da kyakkyawar niyya ma. Kwana huɗu zuwa biyar yake ci min duka, har da zuwa gareji.

Mai tambaya: Ranka ya daɗe me ya sa aka hana "gas"? Ai manoman da za su karanta littafin gas suke ce wa dizal.

Tsohon hannu: Gaskiyarka, haka suke cewa. Amma yanzu mutane da yawa sun juya injinansu na fetur zuwa gas na tukunya, kalmar ta zama mai baki biyu. Abin da na yi, a wurin da ta fara fitowa na rubuta "dizal, wato man gas", daga nan har ƙarshe dizal kawai.

Bakanike: Ni ba mai fassara ba ne, injin nake gyarawa shekara da shekaru, amma an taɓa kawo min irin takardar nan in duba. Yallaɓai abin dariya, an rubuta "ƙarfen murɗawa mai baki" sai da aka nuna min hoto na ce au, sufana! An rubuta "zoben hana yoyo", mu sil muke cewa, kuma ko shi ma ba ɗaya ba ne, gaskit daban, sil daban, washa daban. Yaron shago idan ka aike shi da zoben hana yoyo zai dawo hannu rabbana. Shawarata ku zo da hoton, kar ku zo ku karanta min Turanci, ku nuna min abin ku ce mene ne wannan. Kuma ku tambayi mutum biyu ko uku don mu ma ba bakinmu ɗaya ba, ni kaina abin da Bature ya raba `bolt` da `nut` duk noti nake ce musu.

Malamar Hausa: Baba na ji maganarka amma ban yarda gaba ɗaya ba. In duk abin da aka ji a gareji za a kwasa a zuba a littafi, filta, sil, gaskit, to me aka fassara? Muna da "mataci" kuma kalma ce lafiyayya, matacin baƙin mai ba wanda zai ruɗe shi da matata. Da haka harshe ke girma ai.

Bakatsiniya: Malama mun gwada mataci a karo na biyu, an gane shi sarai, matsalar dai mai sayar da kayan inji filta ya sani. Mun ƙare da "filta" a jiki, "mataci" a bayanin farko. Har yau abokiyar aikina ba ta huce ba, tana ganin mun yi ragwanci.

Ɗan Maraɗi: Ku dai ku tambayi wanda ya ba ku aikin ina littafin zai je. In zai tsallako wajenmu to dizal ɗinku gazuwal ne, fulogi buji ne, sufana kuma kile muke cewa, Faransanci muka aro. Mu mun ƙara gida na huɗu ne a jadawalin muka sa masa Nijar, sai aka buga shi a bayan littafin shafi biyu. Rubutu ma da bambanci, mu ƴ muke sawa inda kuke sa 'y, ku tsayar da ɗaya tun yanzu.

Wani ɗalibi: Assalam, ni ma ina neman jerin kalmomin nahawu na Turanci da Hausa don jarabawa, in akwai mai shi ya taimaka.

Ɗan Sabon Gari: Ɗan'uwa ka ɓata hanya, nan maganar inji ake, haha.

Tsohon hannu: Akwai abu guda da ba wanda ya taɓo, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Kalmomin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a akwatin gargaɗi ba ado ba ne, a tsarin ANSI Z535 da masu ƙera injuna da yawa ke bi, matakai ne. `DANGER` yana nufin in ba a kauce ba za a mutu ko a ji mummunan rauni, `WARNING` ana iya mutuwa ko jin mummunan rauni, `CAUTION` ƙaramin rauni ko matsakaici, `NOTICE` kuma ba jikin mutum ba, kayan ne za su lalace. Mu kuma hannunmu ya saba duk mu ce "gargaɗi". Ni nakan sa HAƊARI, GARGAƊI, HATTARA, A LURA, sannan in fassara shafin farko da ke bayanin matakan da kyau. Ban ce Bahaushe da kansa yana jin hattara ta fi gargaɗi sauƙi ba, wasu ma sun ce min a kunnensu hattara ta fi zafi, amma in dai an tsayar an bi har ƙarshe mai karatu zai kama. Sai rubutun da ke jikin injin kansa, `STOP` ko `RUN`, a bar shi yadda yake a yi bayani a gefe, don manomi abin da ke jikin ƙarfen zai nema.

Bazazzagi: Nawa masifar ta kwamfuta ce. Mun haɗa jadawali mai kyau a Excel, na ajiye shi da `Text (Tab delimited)` don in sa a manhajar fassara ta OmegaT, ina buɗewa duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma alamar tambaya, "ba?in mai". Sai da na kwafe shi daga Excel ɗin zuwa Notepad na ajiye da UTF-8 a matsayin `glossary.txt` sannan ya zauna. Daga nan kam daɗi, kana kan jimla kalmar na fito maka a gefe, sabuwa kuma `Ctrl+Shift+G` ka ƙara ta. Sai dai wajen dubawa a ƙarshe ku yi hankali, in ka nemi "baƙin mai" ba zai kawo maka "baƙin man" ba, wanda ya rubuta "bakin mai" babu lanƙwasa shi ma ya tsere maka, sai ka nemi kowanne daban.

Kuma kar ku bari kowa ya riƙa ƙara kalma yadda ya ga dama. Mu haka muka yi, sati na uku sai ga jadawali uku a hannun mutum uku. Mutum ɗaya ya riƙe, sauran su turo masa, duk Juma'a ya fitar da sabo da kwanan wata a sunan fayil ɗin, in an canza kalma a faɗi daga wane babi za a koma a gyara.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun yanke gobe za mu fara ciro kalmomin, jibi mu kai hotunan gareji, kuma babi na 4 za mu fara fassarawa tare mu uku a matsayin gwaji kafin a raba. Filta da mataci dai har yanzu biyu da ɗaya muke. Baba bakanike, `bleed` ɗin nan da ake yi wa layin dizal idan iska ta shiga, me kuke ce masa?

Bakanike: Cire iska muke cewa, wasu su ce bilidin. Ku dai kar ku sa zubar da jini.