Masu lissafin ƙarfin ekip da tsarin Elo, ku zo mu yi musayar gogewa

Mai Tablo (Zariya):
Salamu alaikum jama'a. Ni nake riƙe da tablo na gasar kartiye da muke yi lokacin hutun lekol, ekip 12 ne, kuma bana na ce bari in gwada wani abu ban da pwen 3, 1, 0 da kowa ya sani, don pwen ba ya gaya maka wa ka ci, wanda ya ci ta ƙarshe da wanda ya ci ta farko duk 3 ne. Sai na ɗauko tsarin Elo. Kowace ekip na ba ta maki 1500 na farawa, kafin mac ina duba tazarar da ke tsakaninsu in fitar da abin da ake zato, bayan mac in gyara. A Excel ga abin da na sa, B2 makin ekip ɗinmu, B3 na abokan wasa:

```
=1/(1+10^((B3-B2)/400))
```

Sabon maki kuma tsohon maki ne a ƙara K sau (sakamako a cire zato), sakamako 1 in an ci, 0,5 kunnen doki, 0 in an sha kashi. K, wato lambar da ke tsaida girman gyaran bayan kowane mac, na sa 30. Misali mac ɗinmu da Bagalam, Zariya na da 1560 su 1480, tazara 80, tablo ya ba mu 0,613. Bagalam sunka ci mu, sai munka rasa 30 sau 0,613 wato 18,4, mun koma 1541,6 su 1498,4. Da mu munka ci 11,6 kawai za mu samu. Abin yana tafiya, amma abu biyu sun dame ni, K ɗin nan da ka na zaɓe shi, sannan 0,613 ɗin in ce wa mutane mi? Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari don Allah.

Ɗan Bagalam:
To ai ga amsa nan, tablonka ya ce kashi 61 naku ne munka zuba muku biyu, mi ya rage kuma a lissafin? Ƙwallo a hili ake buga ta ba cikin ordinata ba aboki.

Malam na Lise:
Wa'alaikumus salam. Ɗan Bagalam, kashi 61 bai ce dole ba. In abu yana da kashi 61 to saura 39 na nan, kuma 39 cikin ɗari ba ƙaramin abu ba ne, mac guda ba ya ƙaryata tablo kuma ba ya gaskata shi.

Amma Mai Tablo tambayarka ta biyu ita ce babba, kuma nan mutane da yawa suke zamewa. Wannan 0,613 ba damar cin mac ba ce. Arpad Elo malamin fizik ne ɗan asalin Hongiri da ya zauna Amirka, don darar ces ya tsara abin, ƙungiyar ces ta Amirka ta fara aiki da shi 1960, ƙungiyar ces ta duniya FIDE 1970, kuma abin da lissafin ke fitarwa shi ne kason makin da ake zaton za ka kwasa, wato damar ci a haɗa da rabin damar kunnen doki. A wasan da babu kunnen doki, kamar basket, zato da damar ci abu guda ne. A ƙwallo ba haka ba.

Ɗauki naka. Mu ce a gasarku kunnen doki yana zuwa kashi 26 cikin ɗari, misali ne na ɗauka, kai za ka ƙirga naka daga kayenka. Rabin 26 shi ne 13, ka cire shi daga 61,3 saura 48,3, wannan ita ce damar Zariya ta ci. Bagalam nasu zaton 38,7 ne, a cire 13 saura 25,7. Ka haɗa 48,3 da 26 da 25,7 ka ga ɗari cif. Ka ga ke nan ekip ɗin da kake ce wa mutane tana da 61, a gaskiya damar ta fita hili ba ta ci ba ta ɗan fi rabi. Ni lokacin da na yi wa gasar ajujuwa ta lise ɗinmu, yara sun riƙa zuwa da gardama irin ta Ɗan Bagalam har na fara rubuta lambobi uku a allo maimakon guda, daga nan gardamar ta ragu sosai.

Abin lura guda, kason kunnen doki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ekip masu ƙarfi daidai sun fi yin shi, in tazara ta yi nisa yana raguwa. In ka bar 26 ga tazarar 400, zaton mai rauni 9,1 ne kawai, ka cire 13 ka samu lamba ƙasa da sifili, abin da ba shi yiwuwa. Don haka dabarar tana aiki in tazara ba ta wuce 150 ko 200 ba, bayan nan ka rage kason.

Mai Tablo (Zariya):
Malam Allah shi saka da alheri, wannan ta shige ni. Zan koma kaye in ƙirga kunnen doki nawa munka yi bara. To K fa?

Sarkin Fada:
K ka ɗaga shi kawai. Ni a fadarmu ta Sabon Gari muna yi wa gasar PlayStation ta dare, 60 na sa, don in ka sa ƙarami sai a yi sati ana buga wasa tablo bai motsa ba kowa na nan kusa da 1500, samari su ce abin ba ya aiki su watse. FIFA ma ai Elo take yi tun 2018 kuma a manyan mac na kofin duniya 60 take sawa, to mu su wa da za mu fi su.

Hajiya Mai Python:
Sarkin Fada rabin maganarka gaskiya ce. FIFA tana kai wa 60 amma daga kwata final na kofin duniya zuwa sama, mac na sada zumunta 5 ko 10 take ba su, sannan ita da 600 take rabawa ba 400 ba, don haka ba a ɗauko K ɗinta a liƙa wa namu haka nan. Ga abin da K yake yi a fili. Ekip biyu duk 1500. Da K 60 wadda ta ci ta samu 30 ɗayar ta rasa 30, tazara ta zama 60, in za su sake gobe tablo zai ce 58,5. Da K 20 tazara 20 ce, ya ce 52,9. To ka tambayi kanka, but guda da aka jefa minti na ƙarshe ya isa ya sa ka yarda har haka? Babban K yana saurin gano ekip mai ƙarfi amma yana bin kowace sa'a, ƙarami yana da natsuwa amma yana makara.

Yadda na yi da bayanan gasar wani ƙanena da ke shirya wasan matasa, na gwada K 15, 20, 30, 40 a kan tsofaffin mac, kowane mac in ɗauki bambancin sakamako da zato in ninka shi da kansa, in tara duka, K ɗin da ya ba da jimla mafi ƙanƙanta shi na riƙe. A wurinmu tsakanin 30 da 40 ya faɗo, amma mac ɗin ba su da yawa, ban ce kowa ya ɗauka ba. Ga abin da nake aiki da shi:

```python
def mac(a, b, s, k=30):
    e = 1 / (1 + 10 ** ((b - a) / 400))
    d = k * (s - e)
    return a + d, b - d
```

Ku lura `d` sau ɗaya ake lissafa shi. Fishiyen da yaron ya fara turo min, yana gyara makin ekip ta farko sannan ya yi amfani da sabon makin ya lissafa na ta biyu. A misalin Mai Tablo, Zariya ta rasa 18,4 amma Bagalam za ta samu 17,6 kawai, 0,8 ya ɓace, kuma kowane mac haka. Gane shi ba wuya, ka tara makin duka ekip, 12 sau 1500 dole ya tsaya 18000 har ƙarshen gasa. In ya motsa akwai ɓaraka wani wuri.

Koci Ɗan Gulbi:
Ni ba ni da ilimin ordinata, amma ina horar da yara kuma ga abin da na gani da idona. Ekip ɗin kartiye ba Dan Kassawa ba ce da ke da lisans, suna kawai ke zama, 'yan wasa yawo suke. Bara gola namu shi ya riƙe mu, bana ya tahi Legas neman kuɗi, masu gaba biyu wani mai shago ya saye musu takalma sunka koma ekip ɗinshi. To in tablo ya ce mu 1620 ne don abin da munka yi bara, ƙarya ya yi mana, rabin yaran da za su shiga hili ba su ne sunka tara makin ba. Sannan ga forfe, ekip ba ta zo ba don an yi rasuwa a unguwa, alƙali ya rubuta 3-0, shi ma za ku ƙirga?

Malam na Lise:
Koci forfe kada a sa shi ko kaɗan, ba a buga ba, bai nuna ƙarfin kowa ba. A tablon pwen ya zauna, a Elo a tsallake shi. Maganar canjin 'yan wasa kuma, abin da ake yi shi ne farkon sabuwar gasa a ja kowa ya matso wajen 1500, misali da kashi ɗaya cikin uku na tazarar. Ku masu 1620 ku fara da 1580, mai 1410 ya fara da 1440, jimla ba ta canza ba. Irin yawon da ka faɗa ni rabi ma zan ja.

Sarkin Fada:
To amfanin gida fa? Na ga masu Elo na ƙasashe suna ƙara wa mai gida 100 kafin su lissafa zato.

Mai Tablo (Zariya):
Mu duk hili guda muke bugawa, babu mai gida, don haka sifili na bar shi. Abin da ya rage min shi ne penariti a zagayen fitarwa, an tashi 1-1 an je bugun daga kai sai gola, in sa 1 ko 0,5?

Hajiya Mai Python:
Ni 0,5 nake sawa ga duka biyun, wasan dai kunnen doki aka yi. FIFA tana ba wanda ya ci penariti 0,75 wanda ya faɗi 0,5, amma in ka bi wannan jimlarka ba za ta tsaya 18000 ba, ka rasa hanyar gano kuskure.

Koci Ɗan Gulbi:
A'a Hajiya, nan ban yarda ba. Penariti horo ne, kowace yamma sai na tsaida yara sun buga kafin su watse, kuma akwai ekip da na sani duk sanda anka je can sai sun faɗi don golansu ba ya tashi. Wanda ya ci ya ci, a ba shi wani abu ko 0,6 ne ɗayan 0,4, ai sun haɗa 1.

Mai Tablo (Zariya):
0,6 da 0,4 ba zai taɓa jimla ba kam. Zan buɗe shafi biyu a fishiye, guda da na Hajiya guda da na Koci, sai dai mac ɗin penariti ba su wuce 'yan kaɗan a gasa ba, da wuya bana su isa su raba gardamar. Wanda ke da kayen sakamakon gasar Ali Ɗan Sofo ko Mokoyo na shekarun baya ya ɗauko hoto ya turo min, in dai da kwanan wata a jere, don in mac sun cakuɗe lissafin ba zai fito daidai ba.