Wasanni sun taru, awa ɗaya kawai nake da ita: ya kuke zaɓa?

Abba Gwale: Jama'a, tsakanin rangwamen Steam da kyautar da Epic ke bayarwa duk Alhamis, wasannin kwamfuta sun taru min, yawancinsu ko buɗewa ban yi ba. Lokacina bai wuce awa ɗaya bayan Isha'i. Sai in yi ta duba jerin har barci ya kama ni. Ku ya kuke yi?

Sadiku: Duba HowLongToBeat, shafin da ke nuna tsawon kowane wasa, ka fara da gajeru. Portal kusan awa 3 ne, A Short Hike bai kai 2 ba. The Witcher 3 kuwa labarinsa kaɗai kusan awa 50 ne, ka ajiye shi sai hutu.

Maman Hanan: Sadiku, tsawon wasa daban, tsawon zama ɗaya daban. Ni da goyo, abin da nake tambaya shi ne: idan yarinya ta farka, zan iya tashi ba asara? Stardew Valley ba ya ajiye maka komai sai ka kwanta barci a cikin wasan, kuma yini guda yana cin kusan minti 14. Idan an ɗauke wuta tsakar rana, duk ban-ruwa da shukar ranar sun tafi. Hades kuwa yana ajiyewa duk ɗakin da ka shiga, don haka ko minti goma sun isa. The Witcher 3 ma kana iya ajiyewa kusan ko'ina in ba cikin faɗa ko hira ba. Matsalarsa, in ka bar shi mako biyu, ka manta wa kake nema da kuma wane maɓalli ke yin me.

Ɗan Zangon Kumasi: Malam Abba, sayi Elden Ring kawai, ba za ka yi da-na-sani ba.

Abba Gwale: Na gode ɗan'uwa, amma ba sabo nake nema ba, waɗanda ke hannu ne suka yi min yawa.

Yaya Nura: Ni yanayin zuciya nake bi. Na raba nawa gida uku a Collections na Steam: na ranar gajiya, na labari, na kokawa. Ɗaya tak nake saukewa daga kowane gida. Ranar da na dawo daga kasuwa a gajiye, in na taɓa wasa mai wuya, mutuwa uku sai raina ya ɓaci, in ɗora wa wasan laifi, alhali gajiya ce.

Sadiku: Yaya, in ana bin zuciya kullum, gidan gajiya kaɗai za a riƙa shiga. Manyan yaushe?

Yaya Nura: Safiyar Asabar. Amma gaskiya nawa ma ya daɗe yana jira.

Hamisu Maraɗi: Mu nan data ce ke zaɓar mana. Red Dead Redemption 2 yana neman wurin 150GB. Maman Hanan, akwai babban wasan labari mara nauyi da ke jure zaman minti ashirin?